Tumbuɗi ne, ƙwannafi ne, ko madarar shanu ce jikin jariri ya ƙi? Yadda iyaye za su bambance

Mai jego ta gama ba jariri nono, ta ɗora shi a kafaɗa don ya yi gyatsa, sai ga nono ya dawo ya jiƙa mata riga. Kaka ta ce tumbuɗi ne, alamar ƙoshi, ƙiba zai yi. Maƙwabciya ta ce a'a, nonon ne bai karɓe shi ba, a saya masa madarar gwangwani. Mai kemis kuma ya miƙo maganin amai. A mafi yawan lokuta kaka ce ke da gaskiya, amma ba kullum ba, kuma yawan abin da yaro ya dawo da shi ba shi ne zai raba gardamar ba. Jaririn da ke ɓata riga biyar a wuni yana iya zama lafiyarsa ƙalau, wanda kuma bai cika tumbuɗi ba yana iya zama shi ne mai matsalar. Abin da ake dubawa shi ne sikeli, da yadda yake shan nono, da fatarsa, da kashinsa.

Dalilin tumbuɗi a halitta yake. A inda bututun abinci ya haɗu da ciki akwai wani zoben tsoka da ke rufewa bayan abinci ya wuce. A jariri wannan zoben bai yi ƙwari ba, yana saki lokaci zuwa lokaci. Ga abincinsa ruwa ne zalla, ga shi a kwance yawancin wuni, ga ciki ƙarami. Hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin kula da lafiya a Birtaniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta ce aƙalla jarirai 4 cikin 10 suna tumbuɗi, yakan fara kafin mako 8, kuma 9 cikin 10 na masu yi sun daina kafin su cika shekara. Yakan fi yawa wajen wata 4, sannan ya riƙa raguwa idan yaro ya fara zama da cin abinci mai kauri.

Mataki na farko: ki tabbatar ba abin gaggawa ba ne

Kafin a shiga lissafin tumbuɗi ko ƙwannafi, akwai alamomin da ba a kwana da su a gida. Amai kore shar, launin ganye, yana iya nuna hanji ya toshe ko ya murɗe, kuma wannan sai asibitin da ake tiyata, a daren ko a ranar. Amai mai jini ko mai kama da garin kofi shi ma haka. Wani lokaci jinin daga tsagewar kan nonon uwa ne yaron ya haɗiya, amma ma'aikacin lafiya ne zai yanke wannan hukunci, musamman ga jaririn da aka haifa a gida bai samu allurar bitamin K ba.

Akwai kuma aman da ke fita da ƙarfi kamar an buɗe famfo, ya tsallake cinyar uwa ya faɗi can, bayan kusan kowane shan nono, a yaro mai mako 2 zuwa 8. Ya gama aman ya sake neman nono da yunwa, yana ramewa, kashi da fitsari suna raguwa. Wannan yakan zama kaurin tsokar ƙofar da abinci ke fita daga ciki zuwa hanji, ya fi kama 'ya'ya maza, kuma ƙaramin aiki ake yi ya warke. Maganin amai ba ya taɓa shi.

Sauran su ne zazzaɓi da ya kai digiri 38 a jaririn da bai kai wata 3 ba, ciki ya kumbura ya yi tauri, maɗiga ta kumburo ko ta faɗa, yaro ya yi laushi ya ƙi nono gaba ɗaya, leɓe ya yi shuɗi ko numfashi ya riƙa tsayawa, ko kuka mai tsanani da ke zuwa yana tafiya tare da kashi mai jini. Haka nan aman da ya fara sabo bayan yaro ya wuce wata 6, ko ya ci gaba bayan shekara ɗaya, ba a ɗaukarsa tumbuɗi sai an bincika. Zazzaɓin cizon sauro, sanƙarau, da ciwon mafitsara duk suna iya fitowa da amai a jariri.

Mataki na biyu: kwana uku na lura, da katin awo

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗancan, sai ki samu takarda ki rubuta abin da ke faruwa har kwana uku: lokacin da ya sha, nawa ya sha idan da kwalba ne, ko ya dawo da shi, ko ya yi kuka a lokacin, sau nawa ya yi fitsari, da kamannin kashinsa. Ƙwaƙwalwar mai jegon da ba ta samun barci ba abin dogaro ba ce, kuma takardar nan za ta fi amfani wa likita fiye da "wallahi duk abin da ya sha sai ya amayar."

Game da wannan "duk" ɗin, ga wata 'yar jarrabawa. Ɗebi ruwa ko madara cokalin cin abinci ɗaya, wato kusan mililita 15, ki zuba a kan zani. Za ki ga ya bazu ya yi faɗin tafin hannu ko fiye. Yawancin tumbuɗin da ke tayar da hankali bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba. Kuma idan ya fito a gutsure kamar kindirmo da ɗan tsami, ba lalacewa nonon ya yi ba, ruwan ciki ne ya fara aikinsa a kansa.

Sai bambancin tumbuɗi da amai. Tumbuɗi gangarowa yake yi daga baki ba tare da yunƙuri ba, sau da yawa tare da gyatsa, yaron ma bai san ya yi ba. Amai kuwa za ki ga cikin yana matsewa, yaro yana kakari, bayan nan ya galabaita.

Alƙali na gaskiya shi ne sikeli. Jariri yakan rage nauyi a kwanakin farko, amma ya kamata ya koma nauyin haihuwarsa zuwa mako biyu. Daga nan, a watanni uku na farko, yakan ƙara kusan giram 150 zuwa 200 a mako, wasu fiye. Ranakun rigakafi, mako 6 da 10 da 14, dama ce ta awo, don haka ki roƙi a auna shi a rubuta a katinsa, a cire masa kaya masu nauyi, a kuma yi amfani da sikeli ɗaya idan zai yiwu. Ba lamba ɗaya ake kallo ba, layin nauyinsa a katin ake kallo: yana hawa ko ya kwanta? Yaron da layinsa ke hawa, yana fitsari sau 6 ko fiye a wuni da dare, yana kama nono da marmari, tumbuɗi kawai yake yi, ko da sau goma ne a rana. Sabulu da ƙarin tsumma yake buƙata, ba magani ba.

Mataki na uku: gyara shayarwa kafin a zargi cuta

A nan ne aka fi samun bakin zaren, musamman ga masu shan madarar gwangwani. Mu ɗauki misalin yaro mai mako 7, nauyinsa kilo 4.5, uwarsa ta koma aiki ana ba shi kwalba. Yana kuka, ana cika masa mililita 150 sau 8 a rana. Jimla 1,200 ke nan. Ma'aunin da ake bi ga jariri irinsa shi ne kusan mililita 150 ga kowane kilo a awa 24. Kilo 4.5 sau 150 ya ba da 675. A raba gida 8, kowane sha ya zama kusan 85. Wato ana ɗura masa kusan ninki biyu na abin da cikinsa ke ɗauka. Ciki ya cika ya yi masa ciwo, ya yi kuka, a ɗauka yunwa ce, a ƙara masa. Irin wannan yaron ba shi da wata cuta. Idan aka sauko da shi zuwa 90 ko 100 a hankali, aka duba cewa ramin kan kwalbar ɗigowa yake yi ba zuba ba, aka tsaya a tsakiya ya yi gyatsa, cikin mako guda ake ganin canji. A kuma haɗa madarar daidai yadda aka rubuta a jikin gwangwani, ruwa da farko sannan gari, ba a ƙara cokali don ta yi kauri, ba a rage don ta yi auki.

Mai shan nonon uwa ba a auna masa, amma ana duba kamun. Bakinsa ya buɗe sosai ya ɗauki baƙin da ke kewaye da kan nonon, kada ya tsotsi kan kawai yana haɗiyar iska. Idan nono na feshi da ƙarfi har yana shaƙe shi, uwa ta jingina baya, ko ta ɗan tatse kaɗan kafin ta ɗora shi. Bayan ya sha a riƙe shi a miƙe a ƙirji minti 20 zuwa 30. Kada a goya shi nan take a ɗaure zani tamau a kan cikakken ciki, kada kuma 'yan uwa su shiga cilla shi sama. Ruwa, jiƙe-jiƙe da dauri suna cinye wurin nono a cikin da dama ƙarami ne, suna kuma kawo gudawa. Kafin wata 6 nono ya wadatar, ko a zafin bazara. Hayaƙin taba ma yana ƙara abin, na itace kuma yana dagula masa ƙirji.

Abu ɗaya da ba a sassautawa: barci a rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba filo. Iyaye da yawa suna kifa yaro ko su kwantar da shi a gefe don tsoron kada ya shaƙe da tumbuɗi. Lafiyayyen jariri a rigingine yana haɗiyewa ko ya tofar, kifawa kuwa tana ƙara haɗarin mutuwar farat ɗaya a cikin barci.

A ba wannan gyaran mako biyu.

Mataki na huɗu: yaushe ya zama ciwon ƙwannafi

Dawowar abinci tana zama cuta ne idan ruwan ciki mai tsami ya fara ƙona bututun abinci ko ya hana yaro girma. Alamar da na fi ba muhimmanci ita ce yadda yake yi da nono. Yana jin yunwa, ya kama, ya yi tsotso kaɗan, sai ya saki da ihu, ya banƙare baya, ya kau da kai. Ya sake nema, ya sake saki. A hankali ya fara gudun nonon, har sai yana gyangyaɗi ake samu ya sha. Layin katinsa ya kwanta. Wani yana da tari da ba ya ƙarewa, ko dushewar murya, ko ciwon huhu da ke dawowa. Bakwaini da yaran da ke da lalurar ƙwaƙwalwa sun fi shiga wannan rukuni.

Amma kuka shi kaɗai ba hujja ba ce. Kukan jarirai yana ƙaruwa daga mako 2, ya kai ƙololuwa wajen mako 6, yawanci da yamma, ya lafa zuwa wata 3 ko 4. Wannan lokacin ya faɗo daidai da na tumbuɗi, shi ya sa ake ɗaura wa ɗaya laifin ɗayan. Yaron da ke kukan magariba amma da rana yana shan nono lafiya yana ƙiba, da wuya ƙwannafi ne.

Idan likita ya gamsu ciwon ne, hawa-hawa ake bi. A rage yawan kowane sha a ƙara yawan lokutan, a gwada madara mai kauri da aka yi don haka ga mai kwalba, ko wani garin magani da ke kaurara abin da ke ciki na mako ɗaya zuwa biyu. Maganin rage tsamin ciki irin su omefurazol sai a ƙarshe, na kusan mako 4, sannan a sake dubawa. Ba ya hana tumbuɗi, tsamin kawai yake ragewa, kuma tsamin nan shi ke kashe ƙwayoyin cuta, don haka yaron da aka daɗe ana ba shi ya fi kamuwa da gudawa da ciwon ƙirji. Ranitidin da aka saba bayarwa a da ƙasashe da yawa sun janye shi daga kasuwa wajen 2020 saboda wani gurɓatacce da aka samu a cikinsa. Maganin amai na manya irin su metokulofuramid yana iya sa jariri sanƙarewar wuya da juyewar ido. Kada a saye shi a kemis a ba jariri.

Mataki na biyar: ki duba fata da kashi

Ƙin madarar shanu shi ne ya fi rikitarwa, domin yana iya sanya rigar ƙwannafi tsaf: amai, banƙarewa, ƙin sha. Abin da ke faruwa shi ne garkuwar jikin yaron ta ɗauki furotin ɗin madarar a matsayin abokin gaba. Yana samun kusan jarirai 2 zuwa 3 cikin 100, kuma ya fi ƙaranci sosai a masu shan nonon uwa zalla. Abin da ke tona shi shi ne ba ya tsayawa a ciki kaɗai. Ƙwannafi daga ciki zuwa baki yake. Wannan kuwa yakan taɓa wuri biyu ko uku.

Iri biyu ne. Mai saurin yana bayyana cikin mintuna zuwa awa 2 da shan madarar: borin jini ya feso, leɓe ko fatar ido su kumbura, amai, wani lokaci numfashi ya riƙa fito. Sau da yawa a kwalbar farko ko ta biyu ake ganinsa. Idan numfashi ya sarƙe ko yaro ya yi laushi, asibiti nan take, kuma ba a sake gwada masa madara a gida.

Mai jinkirin yana ɗaukar daga awa 2 har kwana 3, don haka ba a saurin danganta shi da madara. Kashi mai majina, wani lokaci da zaren jini ja a ciki alhali yaron ba ya zazzaɓi, gudawa da ta ƙi tsayawa, ko akasin haka, yunƙuri da wahala, jan dubura, da busasshiyar fata mai ƙaiƙayi a kumatu da bayan kunne da ta ƙi jin mai. A baƙar fata wannan ba ya yin ja kamar yadda ake gani a hotuna, yakan yi duhu ko toka-toka da kaushi, don haka ki shafa da hannu. Idan uwa ko uba ko yayye suna da asma ko irin wannan ƙaiƙayin fata, zargin ya ƙara ƙarfi. Jini a kashi dai ko yaya yake sai an kai an gani, saboda atini da tsagewar dubura ma suna kawo shi.

Gwajin jini ko na fata yana taimakawa ga mai saurin ne kawai. Mai jinkirin hanya ɗaya ake tabbatar da shi: a janye madarar mako 2 zuwa 4, idan ya samu sauƙi a mayar, a ga ko alamun za su dawo.

Mu ce yarinya ce mai wata 2, nonon uwa take sha, amma tun bayan arba'in aka fara ƙara mata kwalba ɗaya da dare. Bayan kwana goma kumatunta suka yi kaushi, kashi ya koma majina, sau biyu an ga zaren jini, tana amai tana banƙarewa. Nauyi na hawa amma a hankali. Abin da za a fara yi shi ne a cire kwalbar a koma nono zalla, kuma ga yara da yawa wannan ya isa, ba sai uwa ta canza cimarta ba. Idan alamun suka ci gaba, ko kuma dama yarinyar ba ta taɓa shan kwalba ba, sai uwar ta bar duk abin da aka yi da madara na tsawon lokacin gwajin. A gidajenmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin abincin da ake tattalin mai jego da shi ke nan: nonon da ake dama fura da shi, kindirmo, man shanun da ake zubawa a tuwo, madarar shayi, yogot, cuku, alawar madara, da biskit da burodin da aka kwaɓa da madara. Furar kanta ba laifi, a dama ta da ruwa. A gaya wa kaka da maigida dalili tun farko, in ba haka ba cokalin man shanu ɗaya a miya zai ɓata lissafin mako biyu. Idan abin zai ɗore, uwa tana buƙatar ƙarin sinadarin kalsiyam, kusan miligiram 1,000 a rana, da bitamin D, sai ta tambaya a asibiti. Nonon nata ba a dainawa. Ba shi ne ya lalace ba.

Ga wanda ba shi da nonon uwa, akwai madara ta musamman da aka farfasa furotin ɗinta ƙanana, likita ne ke rubutawa, tana da tsada kuma ba ko'ina ake samunta ba, wanda hakan wani dalili ne na riƙe shayarwa da kyau. Kurakurai uku ake yawan yi a nan. Canza kamfanin madara ba ya amfani, domin kusan duk daga madarar shanu ake yin su. Madarar da aka cire wa sukarin laktos ma furotin ɗin yana nan. Nonon akuya ko na tunkiya kuwa furotin ɗinsa ya yi kama da na saniya ƙwarai, jikin da ya ƙi wannan yakan ƙi wancan, kuma ɗanyensa bai dace da jariri ba ko da lafiyarsa ƙalau. Madarar jarirai ta waken suya ba a so a fara ta kafin wata 6, kuma wasu masu irin jinkirin ita ma suna ƙin ta. Wadda ake tacewa a gida ba abincin jariri ba ce sam.

A misalinmu, jinin yakan ɓace cikin 'yan kwanaki zuwa mako biyu, amai ya ragu, fata ce ke ɗaukar lokaci. Idan an cika mako 4 babu wani canji, ba madarar ba ce, uwa ta koma cin abincinta a nemi dalili a wani wuri.

Idan kuwa an samu sauƙi, saura matakin da kowa ke tsallakewa, wato mayarwa. Uwa ta ga 'yarta ta warware, ba ta son ta taɓa komai, kuma ba a ga laifinta ba. Amma a wannan shekarun yara suna samun sauƙi da kansu, ƙila makonnin ne suka yi aikin, sai a bar uwa wata da watanni ba nono ba man shanu a banza. Don haka, da shawarar likita, kuma ga irin mai jinkiri marar tsanani kaɗai, uwa ta koma shan madara kamar da har mako guda, a ranakun da yarinyar ba ta mura ko zazzaɓi, ba a kuma fara mata wani sabon abu ba. In majina da kaushin fata suka dawo, an tabbatar. Sai a sake janyewa aƙalla wata 6, ko har ta kai wata 9 zuwa 12, a kula da kunun da za a fara ba ta a wata 6 kada a zuba masa madarar gari. Bayan nan ake sake gwadawa kaɗan-kaɗan, a fara da abin da aka gasa da madara a ciki kamar ɗan gutsuren biskit, sannan yogot, madara tsantsa a ƙarshe. Yawancin masu irin jinkirin suna iya shan madara kafin su kai shekara 3, masu irin saurin sukan fi daɗewa, kuma nasu gwajin a gaban likita ake yin sa.